Ina Googlebot yake ɓata lokacinsa a gidanka?

Sharhinmu na yau na masu gidajen yanar gizo ne, musamman waɗanda suka daɗe suna rubutu har shafukansu suka kai dubbai: masu labarai, masu ɗora littattafan Hausa babi-babi, masu fatawowi, masu koyar da girki. Kukan da na fi ji daga bakinsu iri ɗaya ne. Mutum zai ce ya wallafa rubutu yau kwana goma, ya neme shi a Google bai gan shi ba, alhali wani shafi da babu komai a cikinsa sai kanun labari guda yana zaune daram a sakamakon bincike. Daga nan sai ya shiga neman magani. Wani ya turo masa layuka ya ce ya liƙa a `robots.txt`, ya liƙa ba tare da ya san abin da suke cewa ba, ciwon ya ƙaru.

Don kada mu rikice, idan na ce gida ina nufin dandalin gaba ɗayansa, idan na ce shafi ina nufin kowane adireshi guda da za a iya buɗewa a cikinsa. Google yana da ɗan aike mai suna Googlebot, manhaja ce da ke yawo tana buɗe adireshi bayan adireshi tana kwafe abin da ta tarar. Bayan ziyarar ne ake yanke shawarar ko shafin zai shiga kundin da ake fito da sakamakon bincike daga cikinsa. Ziyara daban, shiga kundi daban, kuma rabin kurakuran da za mu tattauna yau daga haɗa su wuri ɗaya suke tasowa.

Ɗan aiken nan ba ya kwana a gidan kowa. Akwai iyakar yawan adireshin da zai buɗe a gidanka, wannan ne nake kira kason ziyara. Gary Illyes na Google ya yi bayaninsa a rubuce a watan Janairun 2017, kuma abubuwa biyu ne ke yanke shi. Na farko ƙarfin sabar, wato kwamfutar da ke ɗauke da gidanka. Idan tana amsawa da sauri, Googlebot ya ƙara yawan buƙatunsa. Idan ta fara jan ƙafa, ko tana mayar da kuskure mai lamba 500 ko 503 ko 429, sai ya ja baya don kada ya durƙusar da ita. Na biyu sha'awar Google kansa: shafin da mutane ke nunawa da linki, ko wanda ke sauyawa a kai a kai, ana yawan komawa gare shi, wanda kuwa aka duba sau da yawa ba a ga sabon abu ba sai a rage zuwa.

A nan ya kamata in faɗi gaskiyar da masu sayar da gyara ba sa son faɗa. Jagorar da Google ya rubuta a kan wannan batu ta ce ta shafi gidajen da ke da shafi miliyan ɗaya ko fiye masu sauyawa kamar mako-mako, da masu shafi 10,000 ko fiye da ke sauyawa kullum, da kuma gidajen da kaso mai yawa na adireshinsu ya maƙale a matsayin da Search Console ke kira `Discovered - currently not indexed`. Mai rubutu 500 ba shi da matsalar kason ziyara, ya je ya gyara rubutunsa. Mai rubutu 6,000 ma, a ƙa'ida, bai kai ba. To me ya sa nake magana da shi? Saboda shi rubuce-rubucensa yake ƙirgawa, Googlebot kuwa adireshi yake ƙirgawa, kuma tazarar da ke tsakanin lissafin biyu tana iya ba da tsoro.

Mu ƙaddara wani gida na littattafan Hausa da aka gina a kan WordPress, mu yi masa lissafi tare. Alkaluman na misali ne, amma kowace ƙofa da zan ambata WordPress na ƙirƙirar irinta da gaske. Mai gidan ya ɗora babi 6,000 cikin shekaru. Duk babin da ya ɗora sai ya zuba masa tag, yau ya rubuta ƙauna da ƙa mai lanƙwasa, gobe kauna, jibi qauna, gata soyayya, citta labarin soyayya. Kowane salon rubutu tag ne mai zaman kansa, kuma kowane tag shafi ne mai adireshinsa. A ce sun taru sun kai 14,000, mafi yawansu babi ɗaya tak ke ƙarƙashinsu. Sannan kowane babi da kowane tag yana da adireshin `/feed/` a wutsiyarsa, wannan 20,000 ke nan. Gidan tsoho ne, tun kafin WordPress 6.4 ya daina buɗe wa sababbin gidaje shafin kowane hoto, saboda haka hotuna uku-uku a kowane babi sun haifi shafuka 18,000 da babu komai a cikinsu sai hoto da sunan fayil. Masu karatu kuma sun bar ra'ayi 20,000, kowanne da maɓallin mayar da amsa mai adireshi da ke ƙarewa da `?replytocom=` da lamba.

Ku haɗa: 6,000 da 14,000 da 20,000 da 18,000 da 20,000. Adireshi 78,000. Cikin kowane 13, ɗaya ne kawai babin da mai gidan ya zauna ya tsara. Idan rahoton ziyara ya nuna Googlebot na buɗe adireshi 2,000 a rana, zagaye ɗaya na duk gidan kwana 39 zai ci, alhali babobin kaɗai kwana 3 sun ishe su. Googlebot ba ya zagayawa daidai-wa-daida haka, yana fifita wasu a kan wasu, amma lissafin ya nuna inda ruwan yake tsiyayewa. Kuma ban saka akwatin bincike na cikin gida ba, wanda ba shi da iyaka ko kaɗan. Duk kalmar da aka rubuta bayan `?s=` sabon adireshi ne, kuma masu tallan banza sun gano haka, suna ƙirƙirar dubban linki zuwa akwatin binciken gidajen mutane ɗauke da kalmomin caca da lambobin waya cikin harsunan da mai gidan bai taɓa ji ba.

Kafin ka taɓa komai, duba da idonka. Shiga Search Console, ka danna `Settings`, ka buɗe `Crawl stats`. Zai nuna maka ziyarar kwana 90 da suka wuce: buƙatu nawa, matsakaicin lokacin da sabar ke ɗauka kafin ta amsa, da rabe-raben amsoshin. Danna kan layin 200 ka karanta misalan adireshin da ya jero. Idan ka gangara kana ganin `feed`, `replytocom`, `tag`, `?s=` suna bin juna, sai can ka ga babi guda, to ka ga ɓarnar da idonka. Dubi layin lokacin amsawa kuma. Idan duk ranar da ya hau sama layin yawan buƙatu ya sauko, sabar ce ke korar baƙon, kuma babu layin da za ka rubuta a `robots.txt` da zai maye gurbin sabar mai ƙarfi ko ajiye kwafin shafuka don a riƙa miƙa su da sauri.

Sai ka koma rahoton `Pages`, inda ake jera dalilan da suka hana shafuka shiga kundi. Layuka biyu ne a can suke kama da juna kamar Hassan da Usaini, amma cutarsu daban. `Discovered - currently not indexed` na nufin Google ya san da adireshin, bai kai ga buɗe shi ba. Wannan shi ne alamar matsalar ziyara. `Crawled - currently not indexed` kuwa na nufin ya zo, ya karanta, ya ga bai ga dalilin ajiyewa ba a yanzu. Idan babobinka a layi na biyu suka taru, matsalar tana cikin rubutun: wataƙila babin gajere ne ƙwarai, wataƙila gidaje ashirin sun riga sun ɗora shi kalma da kalma, abin da ya zama ruwan dare a harkar littattafan Hausa na yanar gizo. Wannan ba aikin taswirar gida, wato `sitemap`, ba ne, ba kuma aikin `robots.txt` ba ne.

Yanzu mu zo kan `robots.txt` ɗin. Wani ɗan ƙasar Holan mai suna Martijn Koster ne ya kawo tsarin a 1994, aka yi ta aiki da shi bisa fahimtar juna kusan shekara talatin, sai a 2022 aka rubuta shi a matsayin ƙa'ida mai lamba RFC 9309. Fayil ne na rubutu zalla da ke zaune a bakin ƙofar gida, wato kai tsaye bayan sunan gidan, kuma aikinsa ɗaya ne: ya gaya wa ɗan aike inda ba a yarda ya shiga ba. Sanarwa ce a zaure, ba kwaɗo ba. Kowa na iya buɗe fayil ɗin ya karanta, kuma manhajar da ba ta da ladabi za ta tsallake shi. Wanda ke da abin ɓoyewa ya sa masa kalmar sirri.

Ga abin da zan rubuta wa gidan littattafan nan namu. Wanda ke kusa da biro ya rubuta, kowane harafi da kowace alama na da aiki:

```
User-agent: *
Disallow: /wp-admin/
Allow: /wp-admin/admin-ajax.php
Disallow: /*?s=
Disallow: /*?replytocom=
Disallow: /*/feed/

Sitemap: https://example.com/wp-sitemap.xml
```

Layi na farko na cewa dokar ta kowane ɗan aike ce. Biyu na bayansa WordPress da kansa yake sa su: a rufe ɗakin gudanarwa, a bar fayil ɗaya da shafukan waje ke buƙata. Za ku ce ai sun ci karo, ɗaya ya hana ɗaya ya bari. Ƙa'idar ita ce dokar da ta fi tsawo, wato wadda ta fi ƙayyade adireshin, ita ke rinjaye, idan kuma tsawonsu ɗaya Google na bin wadda ta bari. Tauraron da ke cikin sauran layukan yana nufin ko mene ne ya zo a wannan gurbi. Ku lura da na `feed`: yadda na rubuta shi ya rufe na kowane babi da kowane tag, amma ya bar babban `/feed/` na bakin gida a buɗe, da gangan, domin Google na amfani da shi wajen gano sababbin rubuce-rubuce. Da waɗannan layuka uku mun ɗauke adireshi 40,000 daga hanyar Googlebot, mun kuma toshe ramin akwatin bincike.

Dokar `Disallow` farkon adireshi take dubawa, ba cikakkiyar kalma ba, kuma wannan na cin mutane. Wanda ya so rufe shafukan tag ya rubuta `/tag` bai rufe da sanda a ƙarshe ba, ya rufe har littafin da adireshinsa ya fara da `/tagwaye`, da duk babin da ya fara da `/taga`. Wanda ya rubuta `/s` yana nufin bincike ya rufe soyayya, siyasa, sarauta da sallah a dare ɗaya. Wanda kuwa ya bar sanda ita kaɗai, `Disallow: /`, ya rufe gidan dungurungum. Wannan na ƙarshe yakan faru ne idan an gina sabon gida a gefe an rufe shi don gwaji, ranar tarewa aka kwaso fayil ɗin tare da kaya. Babban baƙi da ƙarami ma ba ɗaya suke ba a nan, `/Tag/` daban, `/tag/` daban. Akwai wani tarkon kuma: idan ka buɗe sashe na musamman da `User-agent: Googlebot`, to Googlebot wannan sashen kaɗai zai bi, ya yi watsi da duk abin da ka rubuta ƙarƙashin tauraro. Duk dokar da kake so ta hau kansa sai ka maimaita ta a sashensa.

Wataƙila kun lura ban sa tag cikin fayil ɗin ba, alhali su ne 14,000. Wannan shi ne wurin da nake roƙon ku saurara da kyau, don a nan aka fi yin ɓarna da kyakkyawar niyya. Shafukan tag ɗin nan sun riga sun shiga kundi. Mai gidan yana so su fita, sai ya yi abubuwa biyu rana ɗaya: ya sa musu umarnin `noindex`, ya kuma rufe su a `robots.txt`, yana ganin ya ɗaure akuya da igiya biyu. Amma `noindex` a cikin shafin yake, sai Googlebot ya buɗe shafin zai karanta shi. Kai kuma ka hana shi buɗewa. Ka rubuta wasiƙa ka ajiye a ɗaki, ka kulle ɗakin, kana jiran amsa. Sakamakon shi ne layin da za ka gani a Search Console mai cewa `Indexed, though blocked by robots.txt`: adireshin na nan a kundi, wani lokaci yana fitowa a bincike tsirara babu bayani a ƙarƙashinsa, kuma zai iya daɗewa a haka. Rubuta `noindex` a cikin `robots.txt` kansa ma ba ya aiki, Google ya daina kula shi tun 1 ga Satumban 2019. Haka `Crawl-delay`: Bing na girmama shi, Google ba ya karanta shi.

Tsarin da ya dace shi ne a bar ƙofar a buɗe, a sa umarnin, a jira. Umarnin layi ɗaya ne a kan shafin, kuma fulogin irin su Yoast ko Rank Math suna sa shi ga duk shafukan tag da dannawa ɗaya:

```
<meta name="robots" content="noindex">
```

Sai ka riƙa leƙa rahoton `Pages` kana kallon adadin da ke ƙarƙashin `Excluded by 'noindex' tag` yana hawa. Shafukan da Google ba ya yawan ziyarta za su ɗauki makonni, wasu watanni. Sai sun fita ne za a yi maganar rufe ƙofa. Wannan ƙa'ida ta shafi layukan da na ba ku ɗazu ma: idan ka duba ka ga adireshin `?s=` sun riga sun shiga kundi, bari su fita tukuna kafin ka rufe.

Ni dai a ra'ayina, ga tag 14,000, `noindex` rabin magani ne. Shafin da ke ɗauke da shi har yanzu sai an buɗe shi kafin a yar, saboda haka ziyarar ta riga ta tafi, ko da yake Google na rage zuwa a hankali. Maganin gaske shi ne a zauna a tace su. A zaɓi tag ɗin da mai karatu zai amfana da su, sunan marubuciya, sunan littafi, jigo, a ce 300. A haɗe ƙauna da kauna da qauna wuri ɗaya, a tura tsofaffin adireshin zuwa wanda aka zaɓa da turawa ta dindindin mai lamba 301. Sauran da ba su da magaji a goge su, a bar sabar ta amsa da 404 ko 410. Mutane na tsoron 404 kamar wani abin kunya ne, alhali ita ce amsa ta gaskiya ga abin da babu shi, kuma ita ke sa Googlebot ya rage komawa. Abin da ke cutarwa shi ne shafin da babu komai a cikinsa amma yana amsawa da 200, ko a kwashe dubban adireshin da aka goge a tura su duka bakin gida. Google na ɗaukar irin wannan a matsayin `Soft 404`, ya ci gaba da ɓata ziyara a kansu. Shafukan hotuna 18,000 kuwa a tura kowanne da 301 zuwa hoton kansa ko babin da ya fito daga ciki, kai tsaye, kada a yi sarƙar turawa uku ko huɗu kafin a isa.

Sai taswira. Google ya fito da tsarinta a 2005, a 2006 Yahoo da Microsoft suka shigo aka amince da tsari ɗaya. Idan `robots.txt` na cewa kada ka shiga nan, taswira na cewa ga shafukan da nake so ka sani. Gayyata ce, ba ta tilasta ziyara, ba ta kuma tilasta shiga kundi. Fayil ɗaya na ɗaukar adireshi har 50,000 ko nauyin megabait 50 kafin a matse shi, idan an wuce haka sai a raba, a yi babbar taswira mai nuna ƙananan. Tun fitowar WordPress 5.5 a 2020 manhajar na yin wannan da kanta a `wp-sitemap.xml`, adireshi 2,000 a kowane fayil. Mu koma gidanmu mu buɗe tasa. Babobi 6,000 sun cika fayil 3. Tag 14,000 sun cika fayil 7. Wato mai gidan da hannunsa yake miƙa wa Google takardar gayyata wadda kashi 70 cikin 100 nata shafukan wofi ne, sannan yana mamakin inda ɗan aiken ya tafi.

Ƙa'idar taswira mai sauƙi ce: kada adireshi ya shige ta sai wanda ke amsawa da 200, ba a rufe shi ba, babu `noindex` a kansa, kuma shi ne asalin adireshin shafin, ba kwafinsa ba. Duk wanda aka goge ko aka tura wani wuri a cire shi. Daga cikin bayanan da ake rubutawa gefen kowane adireshi, Google ya ce ba ya kula `priority` da `changefreq`, don haka kada ka ɓata dare kana ba shafuka maki. Wanda yake dubawa shi ne `lastmod`, ranar gyara na ƙarshe, shi ma sai idan ya gwada ya ga kana faɗin gaskiya. Akwai masu dabarar sa duk shafuka 6,000 su nuna ranar yau kullum, da fatan a riƙa zuwa. Googlebot zai buɗe kaɗan, ya ga babu abin da ya sauya, ya daina yarda da ranakun gidan baki ɗaya, ranar da ka yi gyara na gaske babu mai saurarenka. Sauya shekarar da ke ƙasan shafi ba gyara ba ne. Ƙara sakin layi, gyara bayani, sauya linki, waɗannan su ne gyara.

Amfanin taswira da na fi so ba a cika ambatonsa ba: ma'auni ce. Miƙa ƙananan fayilolin ɗaya bayan ɗaya a sashen `Sitemaps`, sannan a rahoton `Pages` ka tace da sunan kowanne. Sai ka ga, alal misali, fayil na uku mai sababbin babobi kusan duk sun shiga, na farko mai tsofaffi rabi na waje. Yanzu ka san inda za ka haƙa. Kuma sau da yawa abin da za ka tarar shi ne tsofaffin babobin sun zama marayu. Gida mai rubutu 6,000 da ke jera goma-goma yana da shafukan jeri 600, babin farko na can ƙarshen layi, sai an danna gaba sau ɗaruruwa kafin a kai gare shi. Taswira za ta sanar da Google cewa babin na nan, amma rashin linki zuwa gare shi na gaya masa cewa ko mai gidan bai damu da shi ba. A yi wa kowane littafi shafi guda mai jera dukkan babobinsa, a sa linkin babi na gaba da na baya a ƙasan kowanne, a yi shafin marubuta mai nuna littattafansu. Da haka babin da ke nesa da dannawa 600 ya dawo dannawa uku ko huɗu daga bakin gida.

Masu Blogger, ku da yawa ne a cikinmu, kuma naku ya fi sauƙi. Fayil ɗin `robots.txt` da Blogger ke ba ku tun asali ya riga ya rufe `/search`, wanda a ƙarƙashinsa shafukan lakabi suke, kuma taswirarku na nan a `sitemap.xml`. Maɓallin `Enable custom robots.txt` ya fi yin ɓarna fiye da gyara a hannun wanda ya kwafo layukan wani gida. Idan ba ka da takamaiman adireshin da kake son rufewa da dalilin rufe shi, bar shi a kashe.

Abu ɗaya ya rage game da `robots.txt`, kuma ya shafi masu sabar mai araha da ake cunkusa gidaje da yawa a kanta. Kafin Googlebot ya zagaya gidanka yana neman `robots.txt`, yakan kuma riƙe kwafinsa har kusan awa 24. Idan ya nema aka ce 404, sai ya ɗauka babu doka, ya shiga ko'ina. Amma idan sabar ta amsa da kuskuren 500 ko 503, ba zai yi kasadar shiga inda wataƙila an hana shi ba: yakan dakatar da ziyarar gidan na awa 12 na farko yana sake gwadawa, bayan haka ya koma kan kwafin ƙarshe mai kyau da ya riƙe har zuwa kwana 30. Saboda haka fayil ɗin da ya lalace ya fi wanda babu shi haɗari. A saman rahoton `Crawl stats` akwai `Host status`, buɗe shi ka ga ko an sha wahalar samun fayil ɗin a kwanakin baya. Idan akwai ja a wurin, da kamfanin da ke riƙe maka sabar za ka fara magana, ka ba su ranakun da rahoton ya nuna.

Kada kuma in bar ku da zaton cewa duk ziyarar da aka ƙwato daga shafukan wofi za ta koma kan babobi kai tsaye. Google ya faɗa a fili cewa ba ya mayar da ita wani wuri sai idan dama gidan ya kai iyakar abin da sabar ke iya ɗauka. Saboda haka bayan gyara kana iya ganin jimillar buƙatu ta ragu, kuma wannan ba abin tayar da hankali ba ne. Abin dubawa guda biyu ne. Rubuta adadin da ke ƙarƙashin `Discovered - currently not indexed` a ranar da ka yi gyaran, ka riƙa kwatanta shi duk mako, kana tacewa da taswirar babobi kaɗai. Sannan duk sabon babin da ka ɗora, ka sa adireshinsa a `URL Inspection` bayan kwana ɗaya ko biyu ba tare da ka danna neman a shigar da shi ba, ka karanta ranar da ke gaban `Last crawl`. Tazarar da ke tsakanin ranar wallafawa da wannan ranar ita za ta gaya maka ko gyaran ya kama. Idan bayan wata biyu tazarar ba ta ragu ba, koma `Crawl stats` ka sake karanta misalan adireshin, akwai wata ƙofar da ba ka gano ba tukuna.